Yadda ake rubuta sharhin gaskiya kan waya bayan ta yi wata guda a hannu

Wata ranar Lahadi bayan magariba ina zaune a ƙofar gida a Aboabo, cikin Kumasi, sai kawuna ya ga sabuwar waya a hannuna. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ɗana, tana riƙe caji kuwa?" Na ce, "Tana riƙewa, Kawu." Sai ya ce, "Zuwa yaushe? Ni tun ƙarfe shida nake fita Kejetia, kuɗin ciniki duk ta waya suke shigowa, ba na dawowa sai bayan la'asar sakaliya. Za ta kai?"

Tambayar Kawu ita ce ma'aunin sharhi. Mai neman shawara ba ya buƙatar jin cewa waya "tana da kyau", don mai shago ma ya faɗa masa haka. Yana so ya san abin da ta yi a hannun mutum irinsa, a rana irin tasa, kafin ya ƙirga kuɗin da ya yi watanni yana tarawa. Shi ya sa nake ganin sharhin waya ba ranar rubutu ake fara shi ba. Ranar da aka buɗe kwali ake farawa, da biro da takarda.

Zan bi aikin daki-daki da misalin wayar da na saya a Adum, wajen masu waya na PZ, a kan sidi 2,300. Sunan kamfanin zan bar shi a nan, domin hanyar nake koyarwa. A naka sharhin kuwa dole ka rubuta sunan wayar cikakke.

Ranar farko: rubuta abin da ka saya

Kafin ka bar shagon, buga wannan lambar kamar za ka kira wani:

```
*#06#
```

Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito a fuskarta. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun yi daidai, wayar da kwalin nata ne. Kada ka saka wannan lambar a sharhi, taka ce kai kaɗai. Daga nan ka shiga Settings, ka nemi About phone, ka kwafe sunan samfurin harafi da harafi, da girman ma'ajiya, da RAM. Waya ɗaya kan fito iri biyu ko uku da suna kusan ɗaya, wata mai 4G wata mai 5G, kayan cikinsu kuma daban. In ka ga an rubuta 8+8 a kwali, RAM ɗin gaske 8 ne, sauran aro ne daga ma'ajiya, kuma bai kai na gasken sauri ba. Ka rubuta 8.

Rubuta kuɗin da ka biya da kwanan wata, domin farashi a nan ba ya zama wuri ɗaya. Rubuta ko sabuwa ce dal a kwali, ko wadda aka yi amfani da ita a waje aka kawo. Rubuta abin da ke cikin kwalin: akwai kan caja, ko igiya kawai? Ka adana rasit. Sannan ka aro wayar wani ka ɗauki hoton taka gaba da baya da kusurwowi huɗu a cikin haske. Bayan wata guda za ka ga amfanin waɗannan hotunan, lokacin da kake kokwanton ko wani ƙarce da shi ta zo.

Batir: nan ne aikin yake

Makon farko kada ka ƙirga shi. A kwanakin nan wayar tana sauke manhajoji, tana dawo da tsofaffin hotuna da saƙonni, tana sabunta kanta, kai kuma kana ta latse-latse saboda ɗoki. Batir zai riƙa zuba fiye da yadda zai yi daga baya. Wanda ya yanke hukunci a kwana na uku ya zalunci wayar.

Daga kwana na takwas, ka ware shafi a littafi. Kullum abu huɗu za ka rubuta: lokacin da ka cire ta daga caji da kashi nawa take, lokacin da ka mayar da ita da kashi nawa ya rage, awa nawa fuskarta ta yi a kunne, sai kuma irin ranar da ka yi a taƙaice. Na ukun nan shi mutane ke mantawa, alhali shi ne gishirin lissafin. A mafi yawan wayoyin Android, in ka shiga Settings, ka taɓa Battery, ka taɓa Battery usage, za ka ga tsawon lokacin da fuska ta yi a kunne da manhajojin da suka fi shan caji. Ɗauki hoton wannan shafin kowane dare kafin ka jona caja. Dalili shi ne, "ta kai ni dare" ba ta gaya wa kowa komai. Wayar da ta wuni a aljihu ma za ta kai dare.

Ga kwana uku daga littafina, don ka ga yadda waya ɗaya ke da hali uku. Batir ɗinta 5000 mAh ne.

Ranar Lahadi ina gida. Na cire ta ƙarfe 6 na safe tana 100, na mayar ƙarfe 10 na dare tana 34. Fuska ta yi awa 6 da minti 10, galibi WhatsApp, karatu, da ɗan kallon YouTube a inuwa.

Ranar Laraba na wuni a Kejetia da Adum ina saro wa ƙanwata kaya. Na cire ƙarfe 6 tana 100, ƙarfe 5 da rabi na yamma ta sauka 15. Fuska ta yi awa 4 da minti 20 kacal. Me ya bambanta? A cikin rana hasken fuskar ya hau har ƙarshe da kansa, don in ba haka ba ba ka ganin rubutu. A cikin rumfuna sabis yana hawa yana sauka, ita kuma waya in sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfin da take neman eriya da shi. Layi biyu ne a ciki. Na kuma buɗe wa wani abokina data ta Hotspot na kusan minti 40.

Ranar Asabar bikin suna aka yi a Asawase. Na ɗauki bidiyo na minti 50 a jimlace da hotuna masu yawa. Daga 100 ƙarfe 8 na safe, kafin a kira la'asar ta sauka 20, kuma bayanta ya yi ɗumi sosai a saitin kyamara.

Da Lahadin kawai na rubuta, da na ce batir ɗin ba shi da na biyu. Da Asabar ɗin kawai na rubuta, da na ce tarkace ne. Duka biyun ƙarya ce da aka gina da lambobin gaskiya. Sharhi sai ya kawo ranar sauƙi da ranar wahala, ya faɗi abin da aka yi a kowace, mai karatu ya duba wacce ta yi kama da tasa.

Bayan lissafin kullum, akwai gwaji uku da ake yi da gangan, ko wanne sau biyu aƙalla.

Na farko na dare ne. Kwanta da wayar ba a caji ba, ka rubuta kashin da take, da asuba ka duba. Tawa a falo ta sauka daga 80 zuwa 76 cikin awa 7. A ɗakin ciki, inda alamar sabis ba ta wuce sanda ɗaya ko biyu, ta sauka daga 80 zuwa 69. Na kusa rubuta cewa tana zubar da caji da dare. Sai na kwana da ita a ɗakin nan a Airplane mode, ta sauka kashi 2 kawai. Ashe laifin bangon ɗaki ne da nisan eriya. Wannan dabarar ta canza abu ɗaya a bar sauran yadda suke, ita ce ke raba laifin waya da laifin da ba nata ba, kuma za ka yi ta amfani da ita har ƙarshen wata.

Na biyu na bidiyo ne, kuma shi ne wanda wani zai iya maimaitawa a tasa wayar ya gwada da taka. Sauke bidiyo mai tsawon awa 1 a cikin wayar, sa hasken fuska a tsakiya ka kashe mai canza shi da kansa, sa ƙara a tsakiya, sa Airplane mode, ka bar shi ya yi har ƙarshe. Tawa ta ci kashi 7. Da na kalli irin bidiyon kai tsaye da data, ta ci 11. Ka kuma faɗi saurin da fuskar ke sabunta hoto a lokacin, 60Hz ne ko 90Hz ko 120Hz, domin mafi sauri ya fi shan caji.

Na uku na caji ne. A nan nake so a daina kwafe abin da ke jikin kwali. Kwalin tawa ya ce 33W. Batir mai 5000 mAh yana ɗaukar abin da ya kai 19 Wh, don haka da wutar za ta riƙa shiga da ƙarfi 33 daga farko har ƙarshe, da minti 35 ya isa. Ba haka ake yi ba. Waya tana jan wuta da ƙarfi lokacin da batir yake ƙasa, tana rage ja yayin da yake cika ko ya yi zafi, musamman daga kashi 80 zuwa sama. Saboda haka ka bari ta sauka 10, ka jona cajarta ta asali, ka ajiye ta ba taɓawa, ka duba a minti 15, minti 30, awa 1, da lokacin da ta cika. Tawa ta kai 55 a minti 30, ta cika a awa 1 da minti 20. Lambar minti 30 ɗin ta fi min muhimmanci, domin duk wanda ya san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya san wani lokaci rabin awa ne kawai rabonka da wuta kafin a sake ɗaukewa. Na kuma gwada da tsohuwar cajar gida mai 10W, ta kusa awa 3. In ka auna da cajar aro ko igiyar bakin titi, ka faɗa, kada a ɗora wa wayar jinkirin da ba nata ba.

Abin da wata guda ba zai nuna ba shi ne tsufan batir. Kamfanin Apple ya ce batir ɗin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Kai a wata guda da ƙyar ka yi 30. Kada ka rubuta "batir ɗin zai yi shekara uku". In iPhone ce ta hannu ka saya, shiga Settings, Battery, ka nemi Battery Health, ka rubuta Maximum Capacity na ranar saye da na ranar talatin.

Kyamara: gwada ta da mutanenmu da haskenmu

Fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Hoto mai hazo da fitilun da ke jan jela da dare, sau da yawa maiƙon yatsa ne kawai.

Sai ka ƙirga kyamarorin gaske. Bayan tawa akwai zobe uku manya. Na buɗe kyamara, na riƙa toshe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina canza yanayin ɗauka. Ɗaya ce kawai ke sa fuska ta yi duhu. Da na taɓa 2x ma, ita ɗin ce dai, wato yanko tsakiyar hoton ake yi a faɗaɗa, ba wani gilashin jawo nesa. Wannan ba zamba ba ce in kwali bai yi iƙirarin wani abu daban ba, amma mai saye ya cancanci ya san kyamara ɗaya yake saye.

Haka zancen 50MP. Buɗe hoton da ka ɗauka ka taɓa Details. Za ka ga kusan 4000 × 3000, wato wajen 12MP. Wayar tana haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya don hoton ya fi samun haske. Dabara ce mai kyau, ba aibi ba. Amma tana nuna maka cewa lambar kwali ba ita za ka yaba ba, hoton za ka duba.

To, wane hoto? Ni ba na yarda da sharhin da ya cika da hoton fure da kwanon wake da shinkafa a tsakar rana. Kowace waya tana iya wannan. Ga inda ake gane bambanci.

Baƙar fata da farin kaya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsayar da yayana, baƙi ne wuluk, cikin farar shadda, rana tana tsaka. Wannan jarrabawa ce mai wuya ga kowace kyamara: in ta bi shaddar, fuska ta nutse cikin duhu, in ta bi fuskar, shaddar ta ƙone fari fat, aikin wuyan rigar ya ɓace. Tawa ta fito da fuskar sarai, amma aikin zaren da ke ƙirji ya ɓace a kafaɗar da rana ke duka. Da ya koma inuwar baranda, komai ya fito. Haka na rubuta. Kyamarar gaba kuma ta zo da gyaran fuska a kunne tun daga kamfani. Ta haska ni, ta goge min layukan goshi. Na kashe shi na sake ɗauka, na ajiye biyun gefe da gefe. Ka faɗa wa mai karatu ko ana iya kashe shi gaba ɗaya, domin wani yana son gyaran, wani kuma yana son kamanninsa yadda Allah ya yi shi.

Launin kaya. Ƙanwata tana sayar da mayafai da atamfa, kuma kasuwarta a Status take. Ta kawo wani mayafi ruwan goro mai duhu, muka ɗauka a ɗaki ƙarƙashin farin ƙwan fitila. A hoton ya koma ja jawur. Ta ce, "Yaya, in na saka wannan, Hajiya za ta dawo min da shi ta ce ba shi ta zaɓa ba." Muka fita bakin taga da safe, launin ya dawo daidai. Ga mai sayar da kaya wannan layi ɗaya ya fi duk sauran sharhin daraja. Riƙe kayan kusa da fuskar wayar ka gwada da idonka, a haske biyu ko uku.

Yaro mai motsi a cikin ɗaki. In haske ya yi ƙaranci, kyamara tana daɗewa a buɗe don ta tara shi, duk abin da ya motsa a lokacin sai ya shafe. A Details za ka ga lamba kamar 1/20, wato ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, wanda ya yi tsawo ga yaron da ba ya zama. Na ɗauki ɗan ƙanwata sau 10 a jere da dare, 3 ne suka fito da fuska tsaf. Rubuta haka, uku cikin goma. Kada ka zaɓi mafi kyawun ka nuna shi kamar shi ne halin kyamarar kullum.

Dare a waje. Je wurin mai shayi ko mai tsire, ka ɗauka sau ɗaya haka kawai, sau ɗaya da yanayin ɗaukar dare, wato Night. Faɗi daƙiƙa nawa ta sa ka tsaya cak. Tawa 3 ne, kuma teburin da allon shago sun fito da kyau, hannun mai shayin ne ya zama inuwa.

A bidiyo abu biyu za ka duba. Yi tafiya da ita na minti ɗaya ka ga girgiza. Sannan ka saurari sauti a wurin da lasifika ke tashi, wa'azi ko biki, ka ji ko muryar tana fashewa. Ka saurara da abin kunne, kada lasifikar wayar ta ruɗe ka.

Duk hukuncin nan a kan hoton asali za ka yi shi, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, domin yana matse hoto ya rage masa nauyi. In za ka tura wa wani ya taya ka dubawa, tura a matsayin Document. In da kwamfuta, duba a can, don fuskar wasu wayoyin tana ƙara wa launi armashi. Kuma kafin ka saka fuskar kowa a sharhi ka nemi izininsa, balle mata da yara.

Ƙarko: faɗi abin da ya faru, ka tsaya nan

A nan ne masu sharhi suka fi wuce gona da iri. Wata guda ba ya nuna ƙarkon waya. Yana nuna alamun farko kawai, su za ka kawo.

Ranar talatin, cire rigar wayar, goge ta, ka haska ta da tocila daga gefe, ka gwada da hotunan ranar farko. Ni na samu siraran ƙarce biyu a gefen fuska inda gilashin kariya bai rufe ba, da ɗan goguwa a bayan, inda ƙura ta shiga tsakanin riga da jiki. Mutane kan zargi makulli ko kwabbai, amma waɗannan galibi sun fi gilashin waya laushi. Yashi ne ya fi shi tauri, ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa. Shi ya sa yake da kyau ka faɗi watan da ka yi gwajin. Wayar da ta sha ƙurar hunturu a Disamba da Janairu ba ɗaya take da wadda ta sha ruwan Yuni ba.

In ta faɗi, ba da labarin faɗuwar da ƙa'ida: daga ina, a kan me, da riga ko babu. Tawa ta zame daga cinyata ina saukowa daga keke mai ƙafa uku a Alabar, tsayin gwiwa, a kan kwalta, da riga da gilashin kariya. Gilashin kariyar ya tsage a kusurwa, fuskar ba ta yi komai ba. Abin da wannan ya tabbatar shi ne ta tsira daga faɗuwa ɗaya cikin riga. Bai tabbatar da cewa "ba ta fashewa" ba. Kuma don Allah kada ka jefar da wayarka ko ka tsoma ta a bokiti don sharhi. Karanta lambar IP in tana da ita: lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 yayyafi da fantsama take jurewa. IP67 an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30 cikin ruwa mai tsabta. Duk da haka, mafi yawan kamfanoni ba sa ɗaukar ɓarnar ruwa a garanti.

Sai ƙananan abubuwan da ke fara gajiya da wuri. Girgiza igiyar caji a hankali ka ga ko caji yana yankewa. In yana yi, leƙa ramin da tocila tukuna, sau da yawa audugar aljihu ce ta taru. Danna madannan gefe ka ji ko sun yi laushi. Gwada na'urar karanta yatsa da hannu mai gumi. Rubuta sau nawa wayar ta daskare ko ta kashe kanta, da abin da kake yi a lokacin. Tawa sau ɗaya, ranar bikin sunan nan, tana da zafi.

Akwai wani ɓangaren ƙarko da ba a jikin wayar yake ba. Na koma Adum wurin wani mai gyara da na saba da shi, na ce, "Masta, in fuskar wannan ta fashe, ana samu?" Ya ce ana samu a nan take, ya faɗi kuɗin ta asali da na mai bi mata, ya ƙara da cewa batir ɗinta ma yana nan. Tambayi masu gyara biyu ko uku, ka saka amsar da kwanan wata. Wayar da sai an jira kayanta daga waje makonni, ko da ta fi ƙarfi, ranar da ta lalace ka shiga uku. Ka kuma duba kwanan watan Android security update a About phone, ranar farko da ranar talatin, ka faɗi ko wani sabuntawa ya zo.

Zaman rubutu

Layin farko ya faɗi wanda ya biya kuɗin wayar. In da kuɗinka ka saya, faɗa. In mai shago ne ya ba ka aro, ko ya rage maka, ko ɗan'uwanka ne, faɗa. Ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce ha'inci. Ka kuma kula da zuciyarka: wanda ya zuba sidi dubu biyu da wani abu ba ya son ya yarda cewa zaɓinsa yana da aibi, wanda waya ta ɓata wa rai jiya kuma yakan manta kwana ashirin da tara da ta yi lafiya. Littafin nan shi ne maganin duka biyun. Duk jimlar da ba ka da layi a littafi ko hoto da zai tsaya mata, ko dai ka cire ta, ko ka fara ta da "a ganina".

Ka riƙa cewa "tawa", kada ka ce "wannan wayar" a kan aibin da a guda ɗaya ka gani. In ka san mutum biyu masu irinta, tambaye su. Kada ka kira mai shago macuci a kan abin da ba ka koma ka nuna masa ba. Sannan ka guji maki bisa goma, don bakwai ɗinka ba bakwai ɗin Kawu ba ce. Faɗi wanda ta dace da shi da wanda ba ta dace da shi ba. Ga yadda nawa ya fito:

"Na saya da kuɗina a Adum, sabuwa, sidi 2,300, RAM 8, ma'ajiya 128GB, da caja a kwali. Kwana 30 ke nan, layi biyu, data kullum a kunne. Ranar zaman gida tana ba ni awa 6 na fuska a kunne ta bar kashi 30 da wani abu. Ranar kasuwa cikin rana awa 4 da ɗoriya ne, kafin magariba sai caji. Bidiyon biki na minti 50 da hotuna sun saukar da ita kashi 20 kafin la'asar, ta kuma yi zafi, ta daskare sau ɗaya. Da cajarta, daga 10 zuwa 55 a minti 30, cikawa awa 1 da minti 20. Kyamara mai aiki ɗaya ce a baya. Da rana tana fito da baƙar fata da kyau, amma farin kaya yana ƙonewa a tsakar rana. A ɗaki da dare launin tufafi yana canzawa, yaro mai motsi 3 cikin 10 ne ke fitowa. Ta faɗi sau ɗaya daga tsayin gwiwa cikin riga, gilashin kariya ne kawai ya tsage. Ana samun fuskarta da batir ɗinta a Adum. Ta dace da mai kira, WhatsApp da karɓar kuɗi. Mai sayar da tufafi ya ɗauki hotonsa da safe a bakin taga. Mai ɗaukar bidiyon biki ya nemi wata."

Wannan na karanta wa Kawu a ƙofar gida. Da na zo layin ranar kasuwa ya ce in maimaita. Na ce, "Kawu, ku ba kwa buɗe wa kowa data, ba kwa kallon bidiyo a rumfa, taku za ta fi tawa daɗewa." Ya ce duk da haka zai haɗa da ƙaramin abin ajiyar caji saboda ranakun da ciniki ke kai shi isha'i. Na buɗe sabon shafi a littafin, na rubuta kwanan watan da wayar za ta cika wata shida, da gwajin bidiyon awa ɗaya da zan maimaita a ranar, in ga ko kashi 7 ɗin nan yana nan.